Jera watanni da ranakun mako a Excel ba tare da Afrilu ya hau gaba ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce akawu a wata makaranta, ina rubuta kuɗin da ɗalibai ke biya a Excel, watannin kuma da Hausa nake rubuta su. Duk lokacin da na danna `Sort A to Z` sai Afrilu ya zo farko, Yuni ya koma ƙarshe, alhali shekarar karatunmu daga Satumba take farawa. Ranakun mako ma haka suke yi mini a rajistar sashen Islamiyya. Yaya zan yi su jeru daidai, kuma kada su sake rikicewa idan na tura wa shugaban makaranta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Excel bai san cewa Satumba wata ba ne. Abin da yake gani a gurbin shi ne haruffa bakwai da suka fara da S, don haka ya ajiye su bayan O, gabanin Y. Shi ya sa jerin da yake ba ki kullum ɗaya ne: Afrilu, Agusta, Disamba, Fabrairu, Janairu, Maris, Mayu, Nuwamba, Oktoba, Satumba, Yuli, Yuni. A ranaku kuma Alhamis, Asabar, Juma'a, Lahadi, Laraba, Litinin, Talata. Tsarin da ke kanki, cewa Oktoba na bin Satumba, babu shi ko'ina a cikin fayil ɗin. Aikin da ke gabanki shi ne ki rubuta wannan tsari a wani wuri da kwamfuta za ta iya karantawa. Wurare biyu ne ake ajiye shi: ko a cikin saitin Excel na kwamfutarki, ko a cikin fayil ɗin kansa a matsayin lambobi. Na farko ya fi sauri, na biyu ya fi aminci, kuma tunda kin ce tura fayil kike yi, na biyun nake so ki riƙe.

Bari mu fara da mai saurin, don akwai ranar da shi kaɗai ya wadatar. Ki shiga `File`, sai `Options`, sai `Advanced`, ki gangara har sashen `General`, ki danna `Edit Custom Lists`. Za ki tarar da jeri huɗu da Excel ya zo da su: ranaku a gajarce da a cike, watanni a gajarce da a cike, dukkansu a harshen da aka saita kwamfutar. Ki zaɓi `NEW LIST`, ki rubuta watanninki ɗaya bayan ɗaya, kowanne a layinsa, ki fara da Satumba ki ƙare da Agusta, sannan ki danna `Add`. Akwatin yana ɗaukar haruffa 255 ne kawai, watanni goma sha biyu sun shiga da sauran wuri, amma idan jerin ya fi haka tsawo sai a rubuta shi a shafi a shigo da shi ta `Import`. Daga nan ki koma kan lissafinki, ki danna `Data`, sai `Sort`, ki zaɓi ginshiƙin wata, a ƙarƙashin `Order` ki ɗauki `Custom List`, ki nuna jerin da kika rubuta. Nan take za su jeru daga Satumba. Akwai ma ƙarin riba: idan kika rubuta Satumba a gurbi ɗaya kika ja ɗan kusurwar gurbin zuwa ƙasa, sauran watannin za su cika kansu.

Inda wannan hanya take gazawa shi ne wurin da jerin yake zaune. A kwamfutarki yake, ba a kwamfutar shugaban makaranta ba. Excel yana ajiye jerin da aka yi amfani da shi wurin jerawa tare da fayil, ta yadda za a iya ganinsa a ƙarƙashin `Order`, amma ba ya shiga saitin ɗaya kwamfutar. Duk wanda ya buɗe ya danna `Sort A to Z` zai sake maido da Afrilu gaba. Idan kuma a Google Sheets aka buɗe, babu wannan zaɓi na `Custom List` a wurin jerawa sam. Matsala ta biyu ta fi wannan muni a wurina: jerin ba ya faɗa miki idan an yi kuskuren rubutu. Layin da aka rubuta Faburairu maimakon Fabrairu zai sulale ya koma can ƙasa bayan Agusta, shiru, babu wata alama. A lissafi mai layi ɗari huɗu ba za ki lura ba sai ranar da kuɗin watan ya ƙi cika.

To ga hanyar da nake bai wa kowa shawara a kanta. Ki buɗe sabon shafi a cikin fayil ɗin, ki sa masa suna `Jeri`. A ginshiƙin A, daga `A2` zuwa `A13`, ki rubuta watannin yadda shekarar karatunku take tafiya: Satumba, Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janairu, Fabrairu, Maris, Afrilu, Mayu, Yuni, Yuli, Agusta. A ginshiƙin B ki sa lambobi 1 zuwa 12 a gefensu. Mu ɗauka babban shafinki sunansa `Lissafi`, sunan ɗalibi yana B, wata yana C, kuɗi yana D. A gurbin `E2` ki rubuta wannan, ki ja shi har ƙarshen lissafin:

```
=MATCH(TRIM(C2),Jeri!$A$2:$A$13,0)
```

Abin da `MATCH` yake yi shi ne ya ɗauki sunan da ke `C2`, ya je shafin `Jeri`, ya dawo da matsayin sunan a cikin jerin. Satumba zai ba da 1, Disamba 4, Janairu 5, Agusta 12. Yanzu kowane layi yana da lamba, lamba kuwa kowace manhaja ta san yadda ake jera ta. Ki jera da ginshiƙin E daga ƙarami zuwa babba, shi ke nan. Ko a wayar shugaban makaranta aka buɗe, ko a Google Sheets, lambobin suna nan tare da fayil ɗin.

Akwai abubuwa guda biyu a cikin wannan fomula da ake yawan yarwa, kuma kowannensu idan ya faɗi ɓarnar ba ta yin ƙara. Na farko shi ne sifirin da ke ƙarshe. Shi ne yake cewa a nemo sunan daidai da daidai. Idan aka cire shi, `MATCH` zai ɗauka jerin naki a tsarin haruffa yake, ya yi ta tsallake yana neman wanda ya fi kusa, tunda kuwa jerin ba a tsarin haruffa yake ba, zai dawo da lambobi na kuskure. Lambobi ne tsakanin 1 da 12, ido ba zai zarge su ba, amma wani watan zai ɗauki lambar wani. Na biyu shi ne alamomin `$`. Su ne suke daskarar da wurin da ake dubawa. In babu su, da kin ja fomular ƙasa, layi na 3 zai duba `A3:A14`, layi na 4 ya duba `A4:A15`, haka jerin zai yi ta zamewa. A layi na 3 Oktoba zai ba da 1 maimakon 2, domin Satumba ya fita daga abin da ake dubawa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki danna wani gurbi can tsakiyar ginshiƙin E, ki karanta fomular da ke sama. Idan ba `$A$2:$A$13` kika gani ba, a sake.

Mu gwada da layuka shida. A ce ginshiƙin C da D suna ɗauke da Maris 18,000, Oktoba 25,000, Janairu 20,000, Satumba 25,000, Faburairu 12,000, Disamba 10,000, jimla naira 110,000. A ce kuma wanda ya rubuta Satumba ya danna maɓallin tazara sau ɗaya bayan kalmar ba tare da ya sani ba. Da babu `TRIM` a fomular, ginshiƙin E zai nuna 7, 2, 5, `#N/A`, `#N/A`, 4. Satumban da idonki yake gani lafiya lau an ƙi karɓarsa, saboda haruffansa takwas ne ba bakwai ba. Idan kika rubuta `=LEN(C5)` za ki ga 8. `TRIM` yana share irin wannan tazara ta gaba da ta baya, don haka da shi sakamakon zai zama 7, 2, 5, 1, `#N/A`, 4. Saura guda ɗaya, Faburairu, wanda babu shi a shafin `Jeri`. Idan kika jera daga ƙarami zuwa babba, za ki samu Satumba, Oktoba, Disamba, Janairu, Maris, sai layin `#N/A` a ƙasa, domin Excel yana tara gurabun kuskure bayan lambobi.

Wannan `#N/A` ɗin kada ki ɓoye shi. Na san akwai masu naɗe fomular da `IFERROR` don shafin ya yi kyau, ya nuna sifiri ko ya bar gurbin fayau. Ban yarda da hakan a lissafin kuɗi ba. `#N/A` shi ne kaɗai yake gaya miki cewa akwai layin da bai samu wata ba, kuma wannan ita ce babbar fifikon hanyar nan a kan `Custom List`. Bayan kowace jerawa ki gangara ƙasa ki duba, ko ki ajiye wannan a wani gurbi a saman shafi, ya riƙa ƙirga miki su:

```
=SUMPRODUCT(--ISNA(E2:E400))
```

Idan ya nuna 0, komai ya samu gurbinsa. Ki tabbata dai ginshiƙin E bai wuce inda lissafin ya tsaya ba, domin layin da babu wata a cikinsa shi ma `#N/A` zai bayar.

Sunayen watanni da ranaku a Hausa suna da rubutu fiye da ɗaya, kuma duk mutanen kirki ne ke rubuta su: Fabrairu da Faburairu, Afrilu da Afirilu, Litinin da Littinin, Juma'a da Jumma'a. Babba ko ƙaramin harafi ba ya damun `MATCH`, maris da MARIS duk ɗaya ne a wurinsa, amma ƙarin harafi ɗaya ya isa ya ƙi. Juma'a tana da nata tarko na musamman. Alamar da ke tsakanin a da a iri biyu ce: akwai miƙaƙƙiya wadda ake samu idan an buga kai tsaye a Excel, akwai lanƙwasasshiya wadda Word da wasu wayoyi ke sakawa da kansu. A ido kusan ɗaya suke, a wurin kwamfuta haruffa ne daban. Idan Juma'a ta ƙi samuwa alhali rubutun daidai yake, ki gwada wannan a kan gurbin:

```
=UNICODE(MID(C2,5,1))
```

Miƙaƙƙiyar tana ba da 39, lanƙwasasshiyar 8217. Sai ki kwafi wadda ba ta dace ba, ki buɗe `Replace` da `Ctrl+H`, ki musanya ta gaba ɗaya. Haka kuma idan an kwafo bayanai daga intanet, akan samu wata tazara mai lamba 160 wadda `TRIM` ba ya iya sharewa. Alamarta ita ce `LEN` ya ci gaba da nuna ƙarin harafi ko bayan `TRIM`. Maganinta a sa `SUBSTITUTE(C2,CHAR(160)," ")` a madadin `C2` a cikin fomular.

Gyaran abin da ya wuce ke nan. Don kada a sake, ki zaɓi ginshiƙin C gaba ɗaya, ki shiga `Data`, sai `Data Validation`, a `Allow` ki ɗauki `List`, a `Source` ki rubuta `=Jeri!$A$2:$A$13`. Daga ranar, mai shigar da kuɗi zaɓar wata zai yi daga ɗan jerin da ke saukowa, ba bugawa ba. Ki sani dai wannan shinge yana tare abin da aka buga da hannu ne, abin da aka kwafo aka liƙa yana iya tsallake shi, don haka mai ƙirga `#N/A` ɗin nan ya ci gaba da zama a wurinsa.

Yanzu ga wani abu da nake ganin zai rage miki aiki sosai. Galibi wanda yake son jera watanni ba layuka ɗari huɗun ne suka dame shi ba, jimlar kowane wata yake so ya gani a jere, don ya kai wa shugaba ko ya zana jadawali. Wannan kuwa ba ya buƙatar jerawa ko kaɗan. Shafin `Jeri` a jere yake tun asali, sai ki kawo jimlar gefensa. A `C2` na shafin `Jeri`:

```
=SUMIF(Lissafi!$E:$E,B2,Lissafi!$D:$D)
```

Ki ja zuwa `C13`. Kowane wata zai samu jimlarsa, daga Satumba zuwa Agusta, kuma watan da ba a karɓi komai ba zai fito da sifiri maimakon ya ɓace daga rahoton. Jadawalin da aka zana daga wannan ɗan tebur zai bi tsarinsa. Sannan ki haɗa `C2` zuwa `C13` ki gwada da jimlar ginshiƙin D na `Lissafi`. A misalinmu na sama, teburin zai ba da 98,000, babban lissafi kuwa 110,000. Gibin 12,000 shi ne kuɗin Faburairun da bai samu lamba ba. Duk ranar da jimlolin nan biyu suka saɓa, kin san akwai layin da ya ɓata, kin kuma san nawa ne a cikinsa tun kafin ki fara nema.

Duk wannan da na faɗa yana ɗauka cewa sunan wata kawai kike da shi. Idan kuna rubuta cikakken kwanan watan da aka biya kuɗi, to akwai hanyar da ta fi, kuma in da za ki buɗe sabon fayil na shekara mai zuwa, da ita zan ce ki fara. Excel yana ajiye kwanan wata na gaskiya a matsayin lamba: 1 ga Janairu 1900 ita ce 1, 1 ga Janairu 2024 ita ce 45292, 1 ga Satumba 2024 ita ce 45536. Abin da kike gani a gurbin sutura ce kawai aka sa wa lambar. Don haka kwanan wata na gaskiya yana jeruwa daidai da kansa, ba ya neman wani jeri na musamman. Yadda za ki gane ko naki na gaskiya ne: `=ISNUMBER(F2)` ya ba da `TRUE`, kuma a kibiyar tacewa da ke kan ginshiƙin za ki ga `Sort Oldest to Newest` a maimakon `Sort A to Z`. Idan `FALSE` ya fito, rubutu ne mai kama da kwanan wata, kuma zai jeru da haruffa kamar sauran.

Da kwanan wata na gaskiya a `F2`, lambar watan a shekarar karatu tana fitowa da lissafi, sai ki rubuta wannan a `E2` a madadin `MATCH`:

```
=MOD(MONTH(F2)-9,12)+1
```

Satumba wata na 9 ne, a cire 9 saura 0, a ƙara 1 ya zama 1. Janairu wata na 1 ne, a cire 9 ya zama ƙasa da sifiri da 8, `MOD` ya zagayo da shi zuwa 4, a ƙara 1 ya zama 5, daidai da abin da `MATCH` ya ba mu ɗazu. Sunan Hausar kuma sai ya fito daga lambar, ba lambar daga sunan ba: `=INDEX(Jeri!$A$2:$A$13,E2)`. Da haka maganar Fabrairu da Faburairu ta mutu, tunda babu wanda yake buga sunan wata da hannu.

Kwanan wata na gaskiya yana kuma toshe wani rami da sunan wata ba zai taɓa toshewa ba, wato shekara. Muddin fayil ɗin na shekarar karatu ɗaya ne, lambobi 1 zuwa 12 sun isa. Ranar da kika ci gaba da rubutu a shafi ɗaya har aka shiga sabuwar shekara, Oktoban 2023 da Oktoban 2024 duk za su ɗauki lamba 2, su cakuɗe a jerawa, `SUMIF` kuma ya haɗe kuɗinsu wuri ɗaya. Ba za ki ga `#N/A` ba, jimlolin ma za su dace da juna, sai dai Oktoba ya yi nauyin da bai kamata ba. Idan za a haɗa shekaru, mabuɗin jerawar ya ƙunshi shekara: `=YEAR(F2)*100+MONTH(F2)` yana ba da 202310 da 202410, waɗanda ba sa haɗuwa, kuma 202412 yana zuwa kafin 202501 yadda ya kamata.

A kula da `TEXT`. Mutane da yawa suna rubuta `=TEXT(F2,"mmmm")` don su ciro sunan wata, sai su yi mamakin ganin ya jeru da haruffa. Abin da yake fitarwa rubutu ne zalla, ya zubar da lambar. Idan sunan kawai ake son gani, gara a bar kwanan watan yadda yake, a canza masa kama ta `Format Cells` da `mmmm`.

Ranakun mako duk tafiyar ɗaya ce, sai dai tambayar farko ita ce wace rana ce ta ɗaya, kuma wannan ke za ki yanke, ba Excel ba. Sashen boko daga Litinin yake farawa. Islamiyyu da makarantun allo da yawa daga Asabar suke farawa su huta Alhamis da Juma'a. Idan sunayen ranaku kike rubutawa, ki yi musu nasu jerin a wani ginshiƙi na shafin `Jeri`, ki fara da ranar da makonku yake farawa, ki yi `MATCH` a kansa. Idan kwanan wata ne, `WEEKDAY` yana da lamba ta biyu da take zaɓar mafarin mako: `=WEEKDAY(F2)` yana bai wa Lahadi 1, `=WEEKDAY(F2,2)` yana bai wa Litinin 1, `=WEEKDAY(F2,16)` yana bai wa Asabar 1 ya ƙare da Juma'a a 7. Na ƙarshen shi ne na rajistar Islamiyyarku. Idan sassan biyu suna cikin fayil ɗaya, kowanne ya samu nasa ginshiƙin lamba, kada a tilasta musu mako ɗaya.

Idan kuma sashen Islamiyya da watannin Musulunci yake lissafi, daga Muharram zuwa Zulhajji, jerin da ke shafin `Jeri` shi ne abin dogaro. `MONTH` watan Miladiyya yake bayarwa, kuma tunda farkon wata a wurinmu da ganin jinjiri ake tabbatar da shi, lissafin kwamfuta yana iya saɓawa da kwana ɗaya. A rubuta sunan watan ta hanyar zaɓi, a ba shi lamba da `MATCH`. A nan `Data Validation` ya zama dole, domin Zulƙida da ƙ mai lanƙwasa da Zulkida da k haruffa ne mabambanta, ga kuma alamar da ke cikin Sha'aban da Rabi'ul Awwal.

Za ki ji wasu suna cewa a sa lamba a gaban sunan kawai, a huta. Yana aiki idan an sa sifiri a gaba, 01 Satumba, 02 Oktoba, har 12 Agusta. In ba a sa ba, tunda rubutu ne ake jerawa harafi bayan harafi, 10 da 11 da 12 za su shigo tsakanin 1 da 2. Ko da sifirin ma ban cika so ba, domin 01 Satumba a rahoton kuɗi kowa zai karanta shi a matsayin ɗaya ga wata.

Game da `PivotTable`, idan kina amfani da shi: yana duba jerin `Custom Lists` na kwamfutar da yake kai lokacin da yake jerawa, shi ya sa watannin Turanci suke fitowa daidai da kansu, na Hausa kuma ba sa yi sai an ƙara su. Wannan yana da wani sakamako da ya shafe mu kai tsaye. Da zarar kin ƙara ranakun Hausa a jerin, ɗalibar da sunanta Laraba za ta haye saman jerin sunaye, gaban su A'isha da Abubakar, saboda an ɗauke ta a matsayin ranar mako. Haka zai faru da mai suna Sha'aban idan an ƙara watannin Musulunci. Gyaran yana cikin `PivotTable Options`, shafin `Totals & Filters`, a cire alamar `Use Custom Lists when sorting`. Sai dai cirewar tana shafar teburin gaba ɗaya, watannin da ke cikinsa ma za su koma tsarin haruffa. Wannan na cikin dalilan da suka sa na fi son ɗan teburin `SUMIF` ga rahoton da zai bar kwamfutarki.

Idan Excel ɗinki na 2021 ne ko Microsoft 365, `SORTBY` zai iya fitar da kwafin lissafin a jere a wani shafi ba tare da an taɓa na asali ba:

```
=SORTBY(Lissafi!A2:D400,Lissafi!E2:E400)
```

Tsofaffin Excel ba su san shi ba, don haka ki tambayi wanne ne a kwamfutar shugaban kafin ki dogara da shi. 'Yan'uwa na Nijar da ke aiki da Excel na Faransanci kuma, `MATCH` a wurinsu `EQUIV` ne, kuma `;` suke sakawa inda muka sa waƙafi.

Kafin ki danna jerawa a karon farko, ki yi abu biyu. Ki cika ginshiƙin A da lambobi 1, 2, 3 har ƙasa, bugaggu ba na fomula ba, domin su ne za su maido miki da tsarin da aka shigar da kuɗin idan an riga an adana fayil an rufe shi kuma `Ctrl+Z` ya daina aiki. Sannan ki danna cikin lissafin ki buga `Ctrl+T` ya zama tebur guda, bayan kin cire duk layin da yake fayau a tsakiya, tunda Excel yakan ɗauka lissafin a nan ya ƙare. Idan kuwa kika zaɓi ginshiƙi ɗaya kika ga akwatin `Sort Warning` ya fito, ki ɗauki `Expand the selection`. Ɗaya zaɓin, `Continue with the current selection`, ginshiƙin da kika zaɓa kaɗai zai motsa ya bar sunaye da kuɗi a inda suke, kuɗin da wani ya biya a Maris ya koma ƙarƙashin Satumba, jimlar ƙasa kuma ba za ta canza ko da kwabo ba balle ki lura.